Duwatsu ashirin a aljihun hagu

Ranar da aka karanta lambata aka ce in tattara kayana in koma bataliyata, ƙafata lafiya lau take, ko kumburi babu. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Da karaya na yi, ko suma, da na sami abin faɗa wa mutanen gida a Tudun Wada. Ni kuwa bin mutum na yi a cikin duhu.

A Zariya aka haife ni, a Defo kuma na yi kurtu, makarantar da take fitar da sojoji tun 1924. Duk wanda ya bi ta can ya san abin da ake dasa maka: ƙafarka ta sauka tare da ta na kusa da kai, kada ka bar layi, in mutum ɗaya ya yi kuskure kowa ya sha. Kuma daidai ne, domin sojan ƙafa da yawa yake yaƙi. Mutum goma ƙarƙashin kofur, wajen talatin ƙarƙashin ƙaramin hafsa, haka har bataliya mai ɗaruruwan mutane. Aikinsu su karɓi wuri su riƙe shi. Shekara biyar na yi a haka kafin in ba da sunana a zaɓen dakaru na musamman.

Gudu da ɗaukar kaya ba su dame ni ba, ba kuma zan ɓata lokaci a kansu ba. Abin da ya fara rikita ni shi ne shiru. Na saba da saje mai tsawa a kunne, amma a can malaman ko muryarsu ba sa ɗagawa. Ba yabo, ba zagi. Mutum ya dube ka, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya kau da kai. Ba a gaya maka awa nawa aka ba ka, ko zango nawa ya rage.

A mako na biyu aka shiga tafiyar dare ta mutum ɗaya. Jaka mai kilo 25 ban da ruwa da bindiga, taswira, kamfas, shi ke nan. Taswirar irin wadda santimita 2 ke nufin kilomita 1 ce. Zangona na uku mahaɗar wasu rafuka biyu ne, mita 3,200 daga inda nake. Na san takuna: idan ina ƙirga saukar ƙafar hagu kaɗai, 64 ne mita 100 da rana a fili, da dare kuwa ga kaya ga ciyawa yakan kai 72. Na cika aljihun dama da ƙananan duwatsu 32, duk mita 100 in mayar da ɗaya aljihun hagu. Kamfas kuma ina nisanta shi da bindiga kafin in karanta, don ƙarfe yana jan allurarsa.

Duwatsu ashirin sun koma hagu lokacin da na ga inuwar wani a gabana, ya karkata hagu kaɗan. Na gane shi da tafiyarsa. Kofur ne da ya fi mu duka iya taswira, yana tafe ba waiwaye. Kamfas ɗina yana cewa miƙe, ƙafata kuwa ta riga ta bi shi. Wallahi ban zauna na yanke shawara ba, jiki ne kawai ya yi abin da ya saba. Na ce a raina ƙila ni na kauce. Daga nan na daina ƙirga, domin mai bin wani ba ya ƙirga.

Bayan kamar minti arba'in muka iso wurin wani malami a zaune gindin bishiya da ƙaramar fitila ja. Kofur ya faɗi lambarsa, aka ba shi zangon gaba, ya wuce. Na faɗi tawa. Malamin ya duba takarda ya ce, "Ba ka cikin nawa." Na ce, "Yallaɓai, ina ne nan?" Ya ce, "Taswira tana hannunka." Ashe kowa da nasa zangon, da gangan ake haɗa hanyoyin su gitta juna don a ga wanda zai bi wani.

A nan na ƙara wauta a kan wauta. Abin yi shi ne in koma inda na tabbatar da kaina na ƙarshe, wato wurin dutse na ashirin, in sake ɗaukar layi. Sai na ga asarar lokaci ce, na yi kirdado na yanke daji. Kuskuren digiri ɗaya yana kautar da mutum wajen mita 17 a kowace kilomita, digiri biyar a kilomita uku ya haura mita 250, ni kuwa ban ma san daga ina nake aunawa ba. Na riski rafin, amma ban san ko mahaɗar tana sama ko ƙasa ba. Na bi ƙasa. Tana sama. Gari ya waye kafin in same ta.

Da na zo hutu Zariya, kawuna, tsohon samanja, ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi. Ya ce, "Kai yaro, ka san me ya sa ake ce wa barikin Defo Chindit?" Sunan dakarun Janar Wingate na Birtaniya ne da suka riƙa shiga can bayan layin Japanawa a ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1944 akwai bataliyoyin Nijeriya a cikinsu. Ya ce, "Shekara nawa kana wucewa ƙarƙashin sunan nan ba ka tambaya ba. Mutumin da aka jefa bayan abokan gaba, wa zai bi?"

Shi ya nuna mini dabarar kauce wa zango da gangan. Idan wurin da kake nema a bakin rafi yake, kada ka auna shi kai tsaye. Ka karkata dama da 'yan digiri, idan ka taɓa ruwa ka san hagu za ka juya, ba shakka. Hutun nan duka a bayan Kufena na yi shi da asuba, ina ƙirga taku ina zuba duwatsu, manoma suna kallona kamar mai taɓin hankali.

A karo na biyu na wuce. Sai bayan zaɓen ne ainihin horon ya fara, wata da watanni: harbi a ɗaki, aikin rediyo, ɗaure rauni, kowa da fanninsa kuma kowa ya san na ɗan'uwansa, domin idan ku huɗu ne ko shida, faɗuwar mutum ɗaya ba ta da madadi. Aikina na farko na gaske ko harsashi ɗaya ban harba ba. Kwana uku muna kwance a cikin duhuwa muna ƙirga babura da masu shiga da fita a wani ƙauye, muna aikawa ta rediyo. Muka janye da dare. Bataliyar sojan ƙafa ce ta shiga ta karɓi wurin ta zauna a ciki, abin da mu ba za mu iya ba ko na yini guda, ba mu da yawan, ba mu da manyan makamai. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an ɗauki mutanen da aka kashe wata da watanni a kansu an tsayar da su shingen duba motoci.

Kofur ɗin nan muna tare da shi yanzu a rukuni ɗaya. Ya ce tun a daren ya ji takuna a bayansa, ya kuma san ba zangonmu ɗaya ba, amma doka ta hana magana. Har yau idan za mu fita, sai ya taɓa aljihuna na hagu ya ce, "Nawa suka koma?"