Imel ɗin rajistar baje kolin ayyuka da na tura wa ƙungiyar ɗalibai

Ni aka ba aikin sanar da ƙungiyar ɗalibai ta jami'armu nan Katsina cewa an buɗe rajistar baje kolin ayyukan yi, wato ranar da kamfanoni da bankuna ke zuwa su kafa tebur su karɓi CV. Abin da na fara lura da shi, imel ɗin nan ba a imel za a karanta shi ba. Shugaban ƙungiya da sakatare da wakilan sassa ne kawai za su buɗe, sai su kwafe su watsa a guruf-guruf na WhatsApp, to dole in rubuta shi yadda in an kwafe ba abin da zai zube.

Shi ya sa ban ɓoye linki ƙarƙashin "danna nan" ba, don in an kwafe rubutun kalmar ce ke tafiya, linkin ya tsaya a baya. Na sa shi tsirararsa a layinsa shi kaɗai. Kan saƙon kuma na rubuta an buɗe rajista da ranar rufewa, bayan sallama da "Ranka ya daɗe shugaba" sai rana da wuri da lokaci, da cewa kyauta ne. Wannan ta kyautar na nanata ta sosai, saboda ba na so wani ya tsaya tsakani ya karɓi kuɗin yaran mutane da sunan fom.

Matakan ne suka fi cin mani lokaci. Fom ɗin Google Forms ne kuma akwai wajen ɗora CV, shi kuwa irin wannan ba ya buɗewa sai mutum ya shiga asusunsa na Google, ɗalibi in ya ga an ce Sign in sai ya ɗauka fom ya lalace ya tafi abinsa. Don haka matakin farko da na rubuta shi ne ka shiga Gmail ɗinka tukuna. Sannan suna yadda yake a katin makaranta, lambar matrik, sashe da aji, sai CV a PDF kar ya wuce 10 MB, ba hoton takarda da aka ɗauka da waya ba. Na ƙarshe a danna Submit, kuma in ba ka ga an rubuta an karɓi amsarka ba to ba ka yi rajista ba, netwok kan yanke ana tsakiyar ɗorawa.

Kafin in tura sai da na ba wata ɗaliba 'yar Daura ta gwada a wayarta ban ce mata komai ba. Ta tambaye ni, "Yaya, 'yan aji ɗaya ma za su iya?" Nan take na ƙara layin da ya ce kowane aji na iya yi. Adireshin wakilan sassa kuma a Bcc na zuba su, wato wajen da ake ɓoye adireshin waɗanda aka tura wa, don kada mutum ɗaya ya danna Reply all amsarsa ta je wa kowa.