Wasiƙar da na rubuta sau biyu kafin a bar ni in biya kuɗin makaranta kashi-kashi

Ni tela ne a Tudun Wada, nan Kaduna. Satumba kuwa ba watan ɗinki ba ne, an wuce sallah, keke sai ya wuni shiru. Sai ga takardar zangon farko: yara biyu, kowanne naira 85,000, jimilla 170,000. Abin da ke hannuna 70,000 ne cif.

Wasiƙata ta farko shafi biyu ce. Na kawo tsadar masara, na kawo kuɗin haya da rashin lafiyar Inna, na rufe da "zan biya da zarar Allah ya hore". Kwana biyar ba amsa. Da na je, shugaban makarantar ya ɗago ta daga cikin tarin irinta, ya ce, "Malam, duk na yarda da kai. Amma malamaina ƙarshen wata suke jiran albashi. Wace rana zan rubuta a gaban sunanka?" Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Kuka na kai masa, shi kuma lissafi yake nema.

Ta biyun ba ta cika rabin shafi ba. Bayan kwanan wata, sallama, sunayen yaran da ajinsu, ga abin da na rubuta:

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni dama in biya kuɗin wannan zango, naira 170,000, a kashi uku. Na biya 70,000 yau, ga rasit a haɗe. Zan kawo 50,000 ranar 30 ga Oktoba, sauran 50,000 kuma ranar 25 ga Nuwamba, kafin a fara jarrabawa. Ina roƙon a bar yaran a aji har zuwa lokacin."

Ranakun ba daga ka na zaɓo su ba. Ranar 27 ga Oktoba nake kwasar adashi, sai na ƙara kwana uku, don na san halin 'yan zubi. Na ƙarshen kuma na sa shi kafin jarrabawa da gangan, domin lokacin ne makaranta ke da abin riƙe mutum, kuma shugaban bai cika yarda bashi ya tsallake ta ba. Rasit ɗin ma ya yi magana fiye da bakina. Nan take ya sa hannu.

Inda na yi sakaci, na bar masa takardar na tafi hannu rabbana. Mako na uku aka fito korar kuɗin makaranta, sai ga 'yata Ummi a shago da hantsi, jaka a baya, ido jawur. Ashe akanta bai san da maganar ba, sunanmu na nan cikin masu bashi. Na koma aka lalubo wasiƙar a aljihun tebur, na yi hotonta kwafi biyu aka buga hatimi. Ɗaya na miƙa wa akanta hannu da hannu, ɗayar na naɗe a leda na sa a jakar Ummi. Tana nan ciki har aka yi hutu.