Kwana tara a Italiya: kalmomin da suka yi kama da Turanci suka kayar da ni

Ranar Asabar na dawo Kano, kuma har yanzu takardar tarar Yuro 50 tana aljihun jakata. Harkar fata ce ta kai ni Italiya. Ba na jin Italiyanci, da Turanci na tafi ina taƙama, abin da kuwa na gano shi ne kalmar da ban taɓa ji ba ba ta cuce ni ko sau ɗaya ba, domin idan na ji ta tambaya nake yi. Wadda ta yi kama da ta Turanci ita ce ta riƙa kayar da ni, saboda ina jin ta sai in gyaɗa kai in wuce.

Daga filin jirgin sama na Fiumicino zuwa tashar Termini a tsakiyar Roma minti 32 ne a jirgin ƙasa, kuɗinsa Yuro 14, kuma babu abin ba da labari a hanyar. A masauki aka fara. Mai karɓar baƙi ta ce "camera", na ɗauka tana gargaɗina ne game da kyamarar tsaro, har na ɗaga kai ina duba silin. Ɗaki take nufi. Asalin kalmar ta Latin ce, kuma ɗaki take nufi tun can; Turanci ne ya ɗauke ta daga camera obscura, wato ɗaki mai duhu, tsohuwar na'urar da ɗaukar hoto ya samo asali daga gare ta. Abin da muke kira kyamara su macchina fotografica suke ce masa. Macchina ita kaɗai kuwa mota ce, moto kuma babur. Bahaushen da ya saba ce wa babur mashin sai ya juya kansa gaba ɗaya.

Wannan dariya ce kawai. Famfon banɗaki ne ya yi mini illa. Tsohon gini ne, kawunan famfon biyu ba ja ba shuɗi, sai harafi: ɗaya C, ɗaya F. Mai Turanci yana ganin C zai ce cold, ruwan sanyi. Na murɗa na tara hannu zan yi alwala, bayan ɗan lokaci ruwan ya zo kamar an sauke shi daga murhu. C ɗin caldo ne, zafi, F kuma freddo, sanyi. Nan babu dangantakar asali ko kaɗan, kamanni ne kawai ya haɗa su: caldo daga calidus na Latin ya fito, cold kuwa daga tushen harsunan Jamusawa. Idan harafin ya goge, na hagu ne yawanci mai zafi. Haka idan an tambaye ka "caldo o freddo?" a wurin abinci, na farko shi ne mai ɗumi.

Da safe na tsaya turus a ƙofar wani wuri da aka rubuta BAR, ina tunanin me zai kai ni mashaya da sassafe. Sai na ga mata da yara 'yan makaranta suna shiga suna fita. Teburin mai shayinsu ne, duk da cewa kwalaben giya na jere a bayan mai sayarwa. Na ce a ba ni latte, kamar yadda ake faɗa a shagunan kofi na Abuja, aka miƙo mini kofin madara zalla, fara tas. Latte madara ce, babu ƙari. Mai son a haɗa da kofi sai ya ce caffellatte ko latte macchiato. Farashin ma ya ba ni mamaki: ɗan ƙaramin kofi a tsaye gaban kanta Yuro 1.20 na biya, washegari da na zauna a tebur a waje aka caje ni fiye da ninki biyu a kan abu ɗaya. A wurin mai shayin unguwarmu ko ka kwana a kan benci ba za a ƙara maka sisi ba.

Wadda ta fi muhimmanci ga Musulmi ita ce peperoni, kuma ita a juye take yaudara. A Turancin Amurka pepperoni, mai p biyu a tsakiya, tsiran-alade ne mai yaji da ake yayyankawa a kan fiza. A Italiya peperoni, mai p ɗaya, tattasai ne manya marasa yaji, ja da rawaya da kore. Kwana biyu ina gudun halal da hannuna. Wadda ya kamata in guda sunanta diavola, ita ce mai salame piccante, naman alade mai yaji. Akwai kuma strutto, narkakken kitsen alade, wanda ba ya kama da kowace kalmar Turanci, yana shiga wasu burodi da piadina, gurasar yankin Romagna, ba tare da ido ya gani ba. Tambayar da ta fi yi mini amfani a duk tafiyar gajeriya ce: "C'è maiale? C'è strutto?", wato akwai alade, akwai kitsensa? Kuma kada kowa ya tambayi mai abinci ko akwai preservativi a ciki yana nufin sinadarin hana lalacewa. Kwaroron roba ke nan. Sinadarin conservanti ne.

Daga Roma zuwa Firenze awa ɗaya da rabi ne a jirgi mai sauri, tikitin na ɗauke da lokaci da lambar kujera, ba ya buƙatar komai. Daga Firenze ne zan shiga ƙaramin jirgin da ke bin hanyar Pisa in sauka kusa da Santa Croce sull'Arno, garin majemu. Na taɓa karantawa da Turanci cewa tikitin takarda na irin waɗannan jiragen sai an yi masa stamp kafin a shiga. Na sayi nawa, kuɗinsa bai kai Yuro 10 ba, na ƙaga Italiyancina na tambayi mai sayarwa: "Devo stampare?" Ya dube ni ya dubi tikitin ya ce, "È già stampato." Na fahimta cewa an riga an buga masa hatimi, na yi godiya na shiga jirgi.

Gaskiya ya faɗa mini, tambayata ce karkatacciya. Stampare ɗab'i ne, fitar da rubutu a takarda, kuma tikitin ai a ɗabe yake. Buga hatimin kwanan wata timbrare ne, ko convalidare, kuma akwai ƙananan injina a bakin dandamali da ake zura tikitin a ciki su buga rana da lokaci da sunan tasha. Wasu alluna ma obliterare suke rubutawa, wanda mai Turanci zai ɗauka ana cewa ya hallaka tikitinsa ne. Dalilin dokar a fili yake: tikitin ba shi da kujera, in ba a buga ba mutum zai iya sake hawa da shi.

Mai duba tikiti ya zo, ya juya shi gaba da baya, ya fara rubutu ko kallona bai yi ba. Na yi ta bayani da Turanci. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ma cosa pretende?" Nan raina ya ɓaci, domin kunnena pretend ya ji, na ɗauka yana cewa ƙarya nake shirgawa. Wata dattijuwa da ke gefena ce ta warware mini bayan ya wuce: pretendere neman abu ne da ƙarfi kamar haƙƙinka, wato cewa ya yi, to me kake so in yi maka? Yin kamar abu fingere ne. Bai kira ni maƙaryaci ba, amma mutumin ba shi da fara'a ko ta sisin kwabo. A gida da an yi ta "haba Yallaɓai, baƙo ne" har fasinjoji su sa baki. Nan kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, na biya 50.

Mai majemar da na je wurinsa ya wanke mini wannan baƙin ciki. Ya zagaya da ni magazzino ɗinsa, wanda rumbun ajiya ne ba mujalla ba, kalmar ma daga Larabci ta shigo musu, makhazin. Suna jima da sinadarin itatuwa irin su castagno da quebracho da mimosa, aikin da bagaruwa take yi mana. Ya murza fatar akuyar da na kawo ya ce "morbida". Gabana ya faɗi, don a Turanci morbid da cuta da mutuwa yake tafiya. Yabo ne, laushi yake nufi.

Inda kuɗi ya kusa salwanta shi ne a ofis. Mai majemar da Turanci yake magana, amma ma'anonin Italiyanci yake zubawa a ciki, kuma wannan ya fi haɗari domin babu abin da zai sa ka yi shakka. Ya karɓi samfurin fata 20 ya ce za su gwada, sannan "eventually" su ɗauki ƙafa murabba'i 5,000. A Turanci wannan alkawari ne, ko ba jima ko ba daɗe za a saya. Har na fara lissafin wanda zan kira ya fara tara fatu. Da takardar ta zo da Italiyanci sai na ga eventualmente, akawunsa ta fassara mini: idan hali ya yi, in an ga buƙata. Tamkar "Allah ya kai mu" ne na mutumin da bai yanke shawara ba. Mai nufin a ƙarshe alla fine yake cewa, ko prima o poi. 'Yar'uwarta attualmente ita ma "a halin yanzu" take nufi, ba "a gaskiya" ba, saboda haka farashin da aka ce attualmente na iya sauyawa gobe. Abin da na koya in yi shi ne in tambayi rana da adadi. Idan babu rana, babu oda. A ƙasan takardar inda aka rubuta firma na fara rubuta sunan kamfani, akawun ta tsayar da ni. Sa hannu ake nema, kamfani ditta ne ko azienda.

Ranar Lahadi mai majemar ya gayyace ni cin abinci tare da "parents" ɗinsa. Na sayi tsarabar tsofaffi biyu, na tarar da mutum 14 a tebur. Parenti dangi ne gaba ɗaya, iyaye genitori. Saboda ni aka dafa kifi aka janye alade daga teburin baki ɗaya, burodinsu na yankin Toskana kuwa lami, ba gishiri ko kaɗan, haka suke yin sa. Mahaifiyarsa ta ce ni "molto educato" ne, na soma jero makarantun da na yi. Tarbiyyata take yabo, don na miƙe tsaye da ta shigo. Mai ilimin boko istruito ne.

Bologna kwana ɗaya na yi. A kantin magani na nemi rasit na ce ricetta, suka tsaya jiran in fito da takardar likita. Rasit scontrino ne. A Milano na shiga libreria in zauna in huta kamar a laburare, ashe kantin sayar da littattafai ne, laburare biblioteca. Nan na sayi ƙaramin ƙamus na Yuro 12, saura kwana ɗaya in taso.