Daga Hereford zuwa Faris, a kan sawun taswira

Jirgin ƙasa na hau daga Landan zuwa Hereford, wani ƙaramin birni kusa da iyakar Wales. A babban cocin garin ake ajiye Mappa Mundi, taswirar duniya da aka zana wajen shekarar 1300 a kan fatar maraƙi guda, mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi.

Da na tsaya gabanta sai na rasa inda arewa take, domin gabas ce a sama. Birnin Ƙudus na tsakiya, Lambun Adnin na can ƙoli, a samansa kuma an zana Almasihu yana hukunci. Ingila an matse ta a ƙasa ta hagu. Gefen Afirka ne ya fi tsayar da ni: an jera wasu halittu, ciki har da marasa kai masu fuska a ƙirji. Abin ya sosa mini rai. Matafiyi ba zai gane hanya da ita ba, ba kuma don shi aka yi ta ba. Darasi ce ta coci, mai nuna wane ne a tsakiya, wane ne a gefe.

Daga nan na wuce Faris, na tsaya a ƙofar gidan nazarin taurari da aka kafa a 1667, zamanin Sarki Louis na 14. A nan aiki ya koma na awo. Masanin taurari Jean Picard ya auna layi ɗaya a ƙasa da sandunan katako, kimanin kilomita 11 daga Villejuif zuwa Juvisy a kudancin Faris, ya mai da shi gefen alwatikarsa ta farko. Idan ka san tsawon gefe guda na alwatika da kusurwoyi biyu na bakinsa, lissafi zai ba ka sauran gefen biyu. Sai masu awo su hau hasumiyar coci ko tudu, su hango wata hasumiyar, su auna kusurwa, su ɗora alwatika a kan alwatika. Hatsarin shi ne, ƙaramin kuskure a layin farko yakan bi dukan jerin, don haka ake auna wani layin a can gaba a gwada shi da abin da lissafi ya bayar.

Da aka sake tantance gaɓar teku ta hanyar duban watannin da ke kewaya duniyar Jupiter, sai yammacin Faransa ya ja baya, ƙasar ta ragu a takarda. Duk da haka sarauta ta ci gaba da zuba kuɗi, saboda mai son haraji, hanyoyi da tura dakaru yana buƙatar nisa na gaskiya. Ƙauyawa ma sun gane haka, shi ya sa a wasu wurare suka riƙa korar masu awo.

Zuriyar Cassini, masana taurari na wannan gidan nazari, ce ta ja ragamar taswirar ƙasar baki ɗaya, shafuka kusan 180. A 1793 gwamnatin juyin juya hali ta ƙwace ta daga hannunsu, ta miƙa wa ma'ajiyar sojoji.