Faifan giranda mai harafin A da abin da ya yi mini a kan alminiyam

Shekara ta tara kenan ina sana'ar walda a Kano, ƙofofi da tagogi da bogilari su ne yawancin aikina, to shi ƙarfe na san halinsa, amma alminiyam sai bara waccan na fara taɓa shi sosai. Wani maƙwabcina ne ya kawo min firam ɗin taga na alminiyam guda shida wai na rage masa tsayinsu don sun fi ramin ginin da kamar inci biyu, kuma mai aikin alminiyam ɗin unguwarmu ya yi tafiya. Na ce masa ba damuwa. Na shiga Ƙofar Ruwa na sayo faifan yanka guda uku na ƙaramar giranda, mai inci huɗu da rabi, na duba jikinsa na ga an rubuta A 60 T BF, sai na ce to alhamdulillahi A ɗin nan ai alminiyam kenan.

Yanka na farko ya tafi lafiya, na biyu ma haka, a na uku ne na ji girandar ta sauya kuka, tana gurnani tana ja da baya, ina dannawa amma faifan ba ya ci, santsi kawai yake a kan abin. Na kashe na duba bakinsa sai na ga ya yi fari fat yana ƙyalli kamar an shafa masa dalma, wajen da na yanka kuma ya yi kaca-kaca, gefen ya naɗe ya yi leɓe, firam ɗin ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi da hannu. Na sa faifai na biyu, shi ma bai kai ko'ina ba ya toshe, har ya fizge girandar sau ɗaya saura kaɗan ta kuɓuce min. Wallahi a nan jikina ya yi sanyi, don na taɓa ganin faifai ya tarwatse a hannun wani yaro kuma ban manta yadda goshinsa ya koma ba.

Da yamma na ɗauki faifan da ya toshe na kai wa maigidana wanda ya koya min aiki, ya juya shi a hannu ya kankare bakin da farce, ya ce kai yaro wa ya ce maka A sunan abin da za ka yanka ne? Na ce Baba ai haka na ɗauka. Ya ce A sunan yashin da aka yi faifan da shi ne, kuma wannan yashin na ƙarfe ne. Daga baya na bi na tabbatar, wani sinadari ne mai tsananin tauri da ake samu daga haɗuwar alminiyam da iskar oksijin, shi ya sa aka ba shi harafin A, amma aikinsa na asali cin ƙarfe ne. Lambar da ke binsa girman ƙwayar yashin ce, 24 ko 30 manya ne masu kaushi, 60 ƙanana ne, wato yadda lamba ke hawa haka yashi ke ƙara laushi. Harafin da ke bayan lambar shi ne na fi so mutane su gane, yana nuna ƙarfin riƙon da ƙaron faifan ya yi wa yashin, na farkon baƙaƙe riƙo ne mai sauƙi, na can ƙarshe kamar R da S da T riƙo ne mai tsanani. BF kuma na nufin ƙaro ne da aka ƙarfafa da raga a ciki.

Abin da ya faru da ni shi ne, faifai yana ci ne saboda yashin da ya dakushe yana faɗuwa sabo mai kaifi yana fitowa. Ƙarfe da taurinsa shi yake karya tsohon yashin, amma alminiyam laushi gare shi, ba ya iya karya komai, ga shi yana narkewa a digiri 660 kacal alhali ƙarfe sai wajen 1,500. To da zafi ya taru sai ya yi danƙo ya cike ramukan da ke tsakanin yashin, ka ga yanzu alminiyam ne ke gogar alminiyam, zafi na ƙaruwa kai kuma kana ƙara dannawa, a nan ne ake samun fizga ko fashewa. Wani abin kuma alminiyam ba ya tartsatsi irin na ƙarfe, dan haka ba ka da wata alama a ido da za ta nuna maka zafin da ake ciki sai kukan injin.

Washegari na koma kasuwa na zaga shaguna da dama kafin na samu wanda aka rubuta ALU a jikinsa, lambarsa A 46 N BF. Shi ma A ne amma N ɗin riƙo ne mai sauƙi, yana zubar da yashi da wuri tun kafin ya toshe. Ya fi tsada kuma yana saurin cinyewa, wannan ba aibu ba ne, haka aka yi shi. Na ɗaure firam da kilam, na goga kyandir a bakin faifan kamar yadda Baba ya ce, na bar nauyin girandar kawai yana aiki ba dannawa, kowane yanka na ɗan ɗaga ta huta. Guda huɗun da suka rage faifai ɗaya ya gama su, ɗan leɓen da ya saura na share da fayil. Biyun da na ɓata kuwa sai da na ƙara rage su kaɗan mai gini ya cike da siminti. Na kuma share garin alminiyam ɗin daban kafin na koma kan ƙarfe, don haɗuwarsa da garin ƙarfe mai tsatsa ga tartsatsi yana iya kamawa da wuta.

Dutse nasa daban ne, harafin C za ka nema, kamar C 24 R, shi ne na kankare da bulo da dutse, idan ka sa A a kan kankare sai ƙura da wari, bakin ya yi sumul ba ci. Ni dai yanzu na daimon nake saya, mai tsage-tsage a baki na bulo da kankare, mai baki sumul na tayil don kar ya ɓantare gefe, kuma ƙurar nan tana lalata huhu, a jiƙa wajen in da hali a sa abin rufe hanci mai kyau. Ƙarfe mara tsatsa irin na relin bene kuma sai mai rubutun INOX, kuma kar ya zama ka riga ka yanka baƙin ƙarfe da shi, in ba haka ba bayan damina za ka ga tsatsa ta fito a daidai inda ka yanka.

Yanzu kafin na biya kuɗi sai na duba gudun da aka rubuta, na milimita 115, wato mai inci huɗu da rabi, ana sa masa juyi 13,300 a minti, babban na 230 kuwa 6,650 ne kawai, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an cire murfin kariya an ɗaura ragowar babban faifai a ƙaramar giranda mai gudun dubu sha ɗaya. Ina duba zoben ƙarfen tsakiya ma, a nan ake buga wata da shekarar ƙarewar wa'adi bayan harafin V, yawanci shekara uku daga ƙera shi, don ƙaron yana tsufa musamman in ya sha danshi. Siririn faifai mai milimita ɗaya zuwa uku na yanka ne kawai, goge walda sai mai kauri shida. Wancan da ya toshe har yanzu yana rataye a ƙusa a shagona, duk sabon yaro da aka kawo min sai na ba shi ya kankare bakin da farcensa kafin na bari ya taɓa giranda.