Imel ɗin neman ɗage ranar fitar da manhaja

Kamfaninmu ƙarami ne, muna rubuta wa 'yan kasuwa manhajojin waya a Kano. A wannan sana'a babu saƙon da ke da nauyin rubutawa kamar wanda za ka ce wa manajan manhaja ranar da ya yi wa shugabanninsa alkawari ba za ta yiwu ba.

Ana dab da Sallah, wajen gwajin ƙarshe na wata manhajar sayayya, mai gwajinmu ta gano cewa idan sabis ya yanke bayan mutum ya danna maɓallin biya, manhajar tana sake tura buƙatar da kanta, saba kuma, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun manhajar, ta ɗauke ta a matsayin sabon ciniki. Kuɗi ya fita sau biyu ke nan. Maganin sananne ne: kowane biya a ba shi lambarsa ta musamman, wadda ake turawa tare da buƙatar a gurbin da ake kira `Idempotency-Key`, don saba ta gane maimaici ta ƙi sake cire kuɗin. Sai dai gyaran ya taɓa waya da saba duka, dole a sake gwaji.

Ga abin da na aika wa manajar, da taken "A ɗage fitarwa daga Alhamis zuwa Talata":

"Hajiya, barka da aiki. Ina ba da shawara kada mu fitar ranar Alhamis. Idan sabis ya yanke ana cikin biya, ana cire wa mai saye kuɗi sau biyu: kayan naira 20,000 sai a zare masa 40,000. Duk lokacin da muka katse sabis a wannan gaɓar sai hakan ta faru. Za mu gama gyara Juma'a, mu yi gwaji Litinin, mu fitar Talata, in sha Allahu. In dole ne a fitar Alhamis, za mu iya rufe biya da kati a bar biya a hannu idan kaya sun iso. Wanne kika zaɓa? Ina buƙatar amsa kafin ƙarfe 4 na yau."

Ban sa mata bayanin saba ko lambar musamman ba, da gangan. Ita ma wani za ta je ta gamsar, kuma naira ce harshen da zai ji. Na kuma guji "muna buƙatar ƙarin lokaci", domin maganar da ba ta da rana jayayya kawai take jawowa.

Ta kira ta tambaya ko za a fitar, a gyara daga baya. Na ce mata manhajar waya ba ta janyuwa. A Google Play ana iya fitar da sabuntawa ga kaso kaɗan na jama'a, a dakatar in an ga matsala, amma wanda ya riga ya sabunta yana nan da ita a wayarsa. Ta zaɓi Talata, ta tura wa shugabanninta imel ɗin yadda yake.