Lissafin ya ce dala ta lafa, ita kuwa tana ta hawa

Ni nake riƙe wa yayana littafin shagonsa na kayan gyaran babur a kasuwar Sabon Gari, nan Zariya. Kayan daga Kano ake ɗauko su, amma dilan da ke ba mu kayan, da dala yake yi musu kuɗi, mu kuma sai mu ba makanikan Tudun Wada da na Samaru bashi na wata guda a farashin naira. Tsakanin ranar da kaya suka fita da ranar da kuɗi suka dawo, duk abin da dala ta yi a wuyanmu yake. Shi ya sa bayan Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, Yaya ya ce mini, "Malam, kai da ka yi lissafi a makaranta, ka fito mana da adadin da za mu riƙa ɗorawa a kan bashi, mu daina cinke."

Hanyar sananniya ce. Kullum ka rubuta farashin dala, ka fitar da canjin yau a kan na jiya cikin ɗari, sannan ka auna yadda canje-canjen nan suke karkata daga matsakaicinsu. A Excel na waya, in farashin kullum yana jerin B, layi biyu ne kawai; na farko ka rubuta shi a C3 ka jawo shi ƙasa har C32, na biyu kuma ya auna karkatar:

```
=(B3-B2)/B2*100
=STDEV.S(C3:C32)
```

Na ɗauki farashin 'yan canji na makonnin da suka kai mu ƙarshen Satumba, ma'aunin karkatar ya ba ni kusan kashi 0.6 cikin ɗari a rana. Don mayar da shi na wata, ana ninka shi da tushen adadin kwanakin kasuwa, wato abin da maɓallin √ na kalkuleta ya bayar. Kwana 22 tushensu 4.7 ne, sai ya zama kashi 2.8. Na ninka biyu don a samu sarari, ya tashi kusan kashi 6. Na kai wa Yaya, ya ji daɗi, muka fitar da kayan naira miliyan huɗu da ƙarin kashi 6 a kai, ban da ribar da aka saba. A lokacin dala ta taɓa naira 1,000 ke nan a kasuwar bayan fage, wato kayan dala 4,000 ne.

Kafin Oktoba ya ƙare dala ta wuce 1,200. Makanikai suka biya daidai yadda aka yi alkawari, 4,240,000, babu wanda ya ci mana ko kwabo. Amma da aka raba kuɗin nan da 1,200 sai ga dala 3,533. Giɓin dala 467 ya cinye ribar kayan har ya taɓa uwar kuɗi. Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu, domin lissafin babu kuskure a cikinsa ko na ɗigo. Na sake bin sa da biro da takarda, 0.6 ɗin nan dai ita ce. Tambayar da ma'aunin yake amsawa ce ta sha bamban da wadda Yaya ya yi mini.

Bari in nuna abin da lambobi masu sauƙin bi. A ce a mako na farko farashin dala ya tafi haka: 1,000, sai 1,020, sai 1,005, sai 1,025, sai 1,000, sai 1,005. Canjin kowace rana cikin ɗari shi ne +2.00, −1.47, +1.99, −2.44 da +0.50. In ka tara su ka raba biyar, matsakaicin 0.12 ne, kusan sifili. Sai ka cire 0.12 ɗin daga kowane canji, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka samu 3.55, 2.52, 3.51, 6.53 da 0.15. Jimlarsu 16.26. Ka raba da huɗu, domin samfuri ne ka ɗauka daga kwanaki masu yawa, kuma abin da STDEV.S yake yi ke nan, sai ka samu 4.06. Tushensa kusan 2.0. Mako ne mai hayaniya, kullum farashi na tsalle, amma a ƙarshensa naira biyar kacal dala ta ƙara.

Yanzu ga mako na biyu: 1,000, sai 1,010, sai 1,021, sai 1,030, sai 1,041, sai 1,051. Canje-canjen su ne 1.00, 1.09, 0.88, 1.07 da 0.96. Matsakaicinsu 1.00 cif. Da ka cire wannan ɗayan daga kowannensu, ɗan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, ma'aunin karkatar ya fito 0.08. Duk wanda ya kalli 2.0 da 0.08 zai ce mako na biyu shi ne na kwanciyar hankali. Alhali a makon ne dala ta ƙara naira 51, kuma in ta ci gaba da wannan tafiya har kwana 22, za ta ƙara sama da kashi 24 cikin ɗari. Ma'aunin kuwa, in ka ninka shi da 4.7, cewa zai yi ka ɗora kashi 0.4.

Matsalar tana wajen cire matsakaicin nan. Matakin farko na lissafin shi ne ya ɗauke hawan da ake yi kullum ya ajiye gefe, sannan ya auna abin da ya saura. Kamar mutum ne a motar da ke gangara a kan lafiyayyen titi: babu gargada ko kaɗan, amma gangarawar ake yi. A manyan kuɗaɗe kamar dala da yuro wannan ba ya damun kowa, domin matsakaicin canjinsu na rana yana dab da sifili, cire shi da barinsa kusan ɗaya ne. Littattafan da muka koyi hanyar daga cikinsu irin waɗannan kuɗaɗe suke misali da su. Naira a ƙarshen 2023 ba haka take ba, gefe guda take tafiya.

Da na koma kan shafin nan na Satumba na rubuta `=AVERAGE(C3:C32)`, sai ga 0.4. Lambar tana nan tun farko, a cikin layin da na riga na cika da hannuna, layi ɗaya kawai ya rage in rubuta in gan ta. Kashi 0.4 a rana sau 22 ya kai kusan kashi 9, ya riga ya wuce kashi 6 ɗin da muka ɗora tun kafin a yi maganar tsalle-tsalle. Kuma a lura da bambancin yadda biyun suke girma: hawa na kullum da adadin kwanaki ake ninka shi, karkata kuwa da tushen kwanakin. A rana guda 0.6 ta fi 0.4, amma a wata guda 9 ce da 2.8. Iya tsawon wa'adin bashi, iya yadda matsakaicin yake rinjaye. Da mun haɗa biyun mun ɗora kashi 15, da kuɗin da suka dawo 4,600,000 ne, wato dala 3,833. Da giɓin bai rufe duka ba, domin Oktoba ya fi Satumba zafi, kuma babu lissafin baya da zai faɗa maka hakan. Amma asarar dala 167 daban, ta 467 daban.

Akwai abu na biyu da ya ƙara danne lambar, shi ma daga baya na gano shi. Ɗan canjin da nake tambaya a waya, ranar da kasuwa ta yi shiru ko ranar Lahadi, farashin jiya yake maimaita mini. Kowace irin wannan rana sifili ce a layin canji, kuma tarin sifili yana jawo ma'aunin ƙasa. Ga kuma rikicin ƙidaya: in ka saka Asabar da Lahadi a cikin jerin, wata ya zama kwana 30 ke nan, ninkawa da tushen 22 bai dace ba. Yanzu ranar da ba a yi ciniki ba ba na rubuta ta sam. Kuma farashi ɗaya nake bi, wanda ɗan canji yake sayar da dala, a kusan lokaci ɗaya bayan azahar. In yau ka rubuta na saye gobe ka rubuta na sayarwa, tazarar da ke tsakaninsu za ta fito a matsayin motsin da kasuwa ba ta yi ba.

Wani abokina da ke koyarwa a Samaru ya ce me ya sa ban yi amfani da farashin hukuma ba, tunda shi a rubuce yake babu ƙila-wa-ƙala. Na farko, ba da shi dilanmu yake yi mana kuɗi ba. Na biyu, shi ne ma ya fi nuna iyakar wannan ma'auni. Kafin 14 ga Yunin 2023 farashin hukuma ya yi watanni yana zaune a tsakanin 460 da 470, ma'aunin karkatarsa ɗan mitsitsi, saboda riƙe shi aka yi. A ranar da aka sake shi ya haura 600. Tsalle ɗaya na kusan kashi 40 a cikin kwanaki 30 da sauran ba su motsa ba yana mayar da ma'aunin kusan 7.3, wato 40 a raba da tushen 30. Zai zauna a nan har sai ranar ta fita daga cikin kwanakin da kake lissafawa, sannan ya faɗo dare ɗaya ba tare da komai ya canza a kasuwa ba. Kafin tsallen ya ce babu haɗari, bayan tsallen kuma ya yi ta kururuwa a kan abin da ya riga ya wuce. Haka aka sake gani a ƙarshen Janairun 2024, lokacin da farashin hukuma ya tashi daga ƙasa da 900 zuwa sama da 1,400 cikin 'yan kwanaki.

Ban daina lissafin ba, domin yana da amfaninsa. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilun 2024, da naira ta farfaɗo daga kusan 1,900 a kasuwar bayan fage zuwa wajen 1,100 sannan ta sake juyawa, ma'aunin ya kumbura sosai, kuma gaskiya ya faɗa: lokacin ba na yin alkawarin farashi na wata guda ba ne. Abin da na canza shi ne, ba na ƙara kai wa Yaya lamba ɗaya. Matsakaici da karkata a jere nake rubuta su, kuma ina raba na farko da na biyu. In matsakaicin ya kai rubu'in karkatar, na san a wata guda hawan ya riga ya fi tsalle-tsallen nauyi, tunda 22 ta ninka 4.7 fiye da sau huɗu. A Satumban nan 0.4 a kan 0.6 ne, wajen biyu bisa uku. Duk lokacin da rabon ya wuce rubu'i kuma dala ce ke hawa, wa'adin bashi yana komawa mako biyu, manyan kaya irin su inji da kabureta kuwa sai dai a biya a farashin ranar da aka kawo kuɗi.